Na rubuta bokiti 45 a inbois alhali 40 na kai: yaya zan gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da fenti da kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Ranar 3 ga watan Maris na kai wa wani kamfanin gine-gine fenti bokiti 40, kowanne a kan naira 20,000, amma yaron shagona ya rubuta 45 a inbois, na sa hannu ban lura ba. Yau kwana biyar, takardar tana ofishinsu, ba su biya ba tukuna. Shin in karɓo ta in gyara da biro, ko in yaga in rubuta sabuwa? Kuma me zan faɗa musu don kada su ɗauka ha'intarsu na yi niyyar yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka gyara da biro, kada kuma ka yaga. Inbois ɗin da ya riga ya bar hannunka ya shiga ofishin mai saye ya zama shaida a wuri biyu, domin akwai kwafinsa a littafinka, kuma da wuya a ce cikin kwana biyar akantansu bai shigar da lambarsa da adadin kuɗinsa cikin jerin basussukan da za su biya ba. Idan ka karɓo shi ka mayar da 45 ta koma 40, takardar za ta faɗi abu ɗaya, littafinsu ya faɗi wani, kuma duk mai binciken kuɗi da ya ga lambar da aka kankare ko aka shafe da farin ruwa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wani ya taɓa takardar bayan an sa hannu. Yagawa ma tana da nata lahanin, saboda inbois yana tafiya ne da lamba a jere, a ce misali lambar naka 0412 ce, idan kuwa 0411 da 0413 suna nan amma 0412 ta ɓace, watarana sai an tambaye ka inda ta shiga, a lokacin da kai kanka ka manta da labarin.

Hanyar da ta dace ita ce ka bar tsohon inbois yadda yake, ka fitar da wata takarda dabam mai lambarta da kwanan watanta, wadda za ta ambaci tsohon ta kuma rage abin da ya ƙaru bisa kuskure. Akantoci suna kiranta kiredit not, wato takardar ragi, kuma kamfanin da ka kai wa kaya ya saba da ita. Amma kafin ka rubuta komai, ka fara tabbatar da cewa kuskuren a inbois yake. Ka ɗauko webil ɗin da mai kula da sitonsu ya sa wa hannu ranar da aka sauke kayan, ka duba takardar odarsu, sannan ka ƙirga abin da ya rage a naka siton. Idan ukun nan suka haɗu a kan 40, to ka sami ƙafar tsayawa. Na nanata wannan ne domin gyara na farko ana karɓarsa da kyakkyawan zato, amma wanda ya aiko da gyaran gyara, daga ranar za a riƙa bin kowace takardarsa da ido biyu.

Yanzu mu yi lissafin, a bisa zaton cewa kana sa harajin VAT a inbois ɗinka kamar yadda kamfanoni suke nema daga masu kawo musu kaya. Harajin nan kashi 7.5 cikin ɗari ne a Najeriya tun watan Fabrairun 2020. Bokiti 45 a kan naira 20,000 ya kama 900,000, harajinsa 67,500, jimilla 967,500, kuma wannan shi ne abin da ke rubuce a takardar da ke hannunsu. Bokiti 40 kuwa ya kama 800,000, harajinsa 60,000, jimilla 860,000. Ka ga ke nan abin da ya ƙaru bai tsaya a naira 100,000 na bokiti biyar ba, akwai 7,500 na harajin da ya hau kansu, gaba ɗaya 107,500. A nan ne 'yan kasuwa da yawa suke sake yin tuntuɓe: su rage kuɗin kaya su manta da harajin, sai takardar gyaran ita ma ta fito da kuskure, akantan kamfani ya dawo da ita, biyan da ake jira ya ƙara ja da baya. Saboda haka ka rubuta kuɗin kaya a layinsa, harajin a nasa, sannan jimillar.

Ga yadda nake ganin ya kamata takardar ta kasance, a kan takarda mai ɗauke da sunan shagonka da adireshinsa da lambarka ta biyan haraji, kamar yadda suke a inbois ɗin:

"Takardar ragi mai lamba G-001, ranar 8 ga watan Maris. Zuwa ga sashen kuɗi. Wannan takarda gyara ce ga inbois ɗinmu mai lamba 0412 na ranar 3 ga watan Maris. A cikinsa mun rubuta fenti bokiti 45, alhali abin da kuka yi oda kuma muka kawo bokiti 40 ne, kamar yadda webil ɗin da muka haɗo kwafinsa ya nuna. Don haka muna rage bokiti 5 a kan naira 20,000, wato 100,000, da harajin VAT na 7,500, jimillar ragin 107,500. Kuɗin da za ku biya a kan inbois 0412 ya zama naira 860,000 maimakon 967,500. Lambar asusunmu da wa'adin biya suna nan yadda suke. Kuskuren daga wajenmu yake, kuma muna ba ku haƙuri a kan ƙarin aikin da ya jawo muku. Muna roƙon ku sa hannu a kwafi ɗaya ku dawo mana da shi."

Idan da Turanci kuke yin takardu tsakaninku, sai a rubuta ta da Turanci bisa wannan tsari, kai ka sa hannu da kanka ka buga hatimin shago.

Ka lura da cewa ban haƙurin jimla ɗaya ce tak, kuma ta zo ne bayan lissafi. Da gangan na yi haka, kuma a nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Mutumin da zai karanta takardar nan akanta ne mai takardu jibge a gabansa, abin da yake nema shi ne wane inbois, mene ne ba daidai ba, nawa zai biya yanzu. Idan ya sami waɗannan a layukan farko, ya ga kuma kai ne ka kawo maganar da kanka kafin su gano, zargin ha'inci ba ya samun wurin zama, domin mai niyyar cuta ba ya aiko da takardar rage wa kansa naira 107,500. Doguwar rantsuwa da yawan "don Allah don Annabi" a rubuce kuwa suna sa mai karatu ya fara tunanin ko akwai wani abin da ake ɓoyewa. Haka kuma ban so ka ambaci yaron shagonka a takardar ba. Sa hannunka ne a kan inbois ɗin, kamfanin kuma da kai yake ciniki, don haka "kuskuren daga wajenmu yake" ya wadatar, kuma ya fi ƙara maka ƙima a idonsu fiye da ɗora laifi a kan na ƙasa da kai. Maganarka da yaron ta cikin gida ce, ka zaunar da shi ka nuna masa yadda ake gwada inbois da webil kafin a kawo maka ka sa hannu.

Kada takardar ta riga muryarka isa. Yau ɗin nan ka kira wanda ya ba ka odar, ka gaya masa a taƙaice cewa ka gano kuskure a inbois 0412, kuɗin ya haura da 107,500, takardar gyara tana tafe, kuma ka roƙe shi ya sanar da sashen kuɗi su dakata da biya har ta iso. Amfanin kiran shi ne ya tare kuɗin kafin su fita, saboda idan suka riga suka tura 967,500, aikin ya ƙaru: ko ka mayar musu da rarar, ko ku amince a rubuce cewa za a cire ta daga cinikin gaba. Idan ta kai ga mayarwa, ka tura ta banki zuwa asusun kamfanin da kuɗin suka fito, ka rubuta lambar takardar ragin a wajen bayani, kada ka damƙa wa wani ma'aikacinsu kuɗi a hannu komai sabonku da shi.

Wani kamfanin zai ce shi bai son takarda biyu a kan ciniki ɗaya, ya fi son inbois guda mai tsabta. Wannan ba matsala ba ce. Sai takardar ragin ta soke 967,500 ɗin gaba ɗaya, ka fitar da sabon inbois na 860,000 da sabuwar lamba, ka rubuta a jikinsa cewa ya maye gurbin 0412. Abin da ba za ka yi ba shi ne sake amfani da lamba 0412 a kan sabuwar takarda, domin takardu biyu masu lamba ɗaya da kuɗi daban-daban su ne suke jawo a biya sau biyu ko a ƙi biya sam.

Sai ɓangaren littafinka. Ka maƙala kwafin G-001 a jikin kwafin 0412, ka shigar da ragin a littafin ciniki a ranar da ka fitar da shi, ba tare da ka koma ka goge abin da aka rubuta ranar 3 ga wata ba. Ka kuma ba akantanka kwafi tun yanzu, domin bayanin harajin VAT na cinikin Maris ana miƙa shi ne zuwa ranar 21 ga Afrilu, kuma idan ragin bai shiga lissafin ba, za ka biya hukuma 67,500 alhali 60,000 ka karɓa, 7,500 ɗin ta fita daga aljihunka. Da yake gyaran ya faɗo cikin wata ɗaya da inbois ɗin, abin ya zo maka da sauƙi. Takardun nan guda uku, inbois da webil da takardar ragi mai sa hannunsu, ka adana su tare aƙalla shekara shida.

Da a ce kuskuren ya juya ne, wato ka kai 45 ka rubuta 40, tsarin ɗaya ne, sai dai maimakon takardar ragi za ka fitar da ƙarin inbois na bokiti biyar ɗin da harajinsu, mai ambaton 0412. A nan ne aka fi bukatar webil da kiran waya tun da wuri, domin mai saye ya riga ya tsara kuɗinsa a kan ƙaramin adadi, kuma ya kamata wa'adin biyan ƙarin ya fara ƙirguwa daga ranar sabuwar takardar. Naka dai ragi ne, don haka ka ɗauko webil ɗin ka tabbatar da 40 ɗin, ka buga wayar kafin a tashi daga ofis yau, gobe da safe kuma takardar ta isa sashen kuɗinsu. Allah ya sa albarka a kasuwa.