Wanne ne daidai: "where is the office" ko "where the office is"?

Tambaya: Malam, bana zan rubuta WAEC. A wajen lesin an koya mana cewa duk tambayar Turanci, aikatau ne ke fara zuwa kafin suna. A jarrabawar gwaji na rubuta *Please tell me where is the office*, sai malamar makarantarmu ta ja min jan biro ta mayar da shi *where the office is*. Na nuna wa malamin lesin, ya ce nawa ne daidai. Kaina ya ɗaure, ga jarrabawa ta matso. Wa zan bi?
Ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, bi malamar makarantarku. Gyaran da ta yi miki shi ne daidai, kuma shi ne abin da mai duba takardarki zai nema, a WAEC ne ko NECO ko JAMB. Ki kwantar da hankalinki, wannan gyara ne na yini ɗaya idan kin gane tushensa.

Dokar da aka ba ki a lesin rabin gaskiya ce. Tana aiki a tambayar kai tsaye, wato wadda kika jefa wa mutum ita kaɗai ba tare da kin rataya ta a jikin wata jimla ba. A nan ne mataimakin aikatau ke tsallake aikau, wato mai aikin a jimla, ya zo gabansa. *The office is upstairs* ta koma *Where is the office?* Haka *She can drive* ta koma *Can she drive?* Idan jimlar ba ta da mataimaki, sai a aro *do* ko *does* ko *did* a ajiye a gaba, shi kuma ainihin aikatau ya tuɓe alamar lokacinsa: *He went home* ta koma *Where did he go?*, ba *did he went* ba. Duk wannan na tabbata kin sani.

Inda aka ɓatar da ke shi ne kalmar "duk". Ana ɗora wa yara cewa da zarar sun hango *what*, *where*, *when*, *why* ko *how*, to su juya aikatau. Wannan karatun shi ya fi kowane cika takardun ɗalibai da jan biro a wannan babi, kuma ba ya tsayawa a makaranta. Za ki gan shi a takardar neman aiki, a wasiƙar ofis, har a rubutun masu digiri: *I want to know when will the interview start.* Mutum ya sha wahala ya rubuta wasiƙa mai ladabi, layi ɗaya ya tona masa asiri.

Ba kalmar tambaya ce ke sa a juya ba. Matsayin tambayar ne. Idan ita ce jimlar gaba ɗaya, a juya. Idan kuwa ta shiga cikin wata jimla ta zama ɓangarenta, to ta daina zama tambaya a tsari, ta zama karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, sai kalmominta su koma jerin zance na yau da kullum: aikau a gaba, aikatau a baya. Dubi jimlarki. Uwar jimlar ita ce *Please tell me*. Umarni ne cikin ladabi. Me za a gaya miki? *Where the office is.* Wannan guntun yana zaune ne daidai inda *the time* ke zama a *Please tell me the time*. Suna ne a aikace, shi ya sa ba a juya shi.

Abin mamaki, Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan, domin harshenmu ma yana bambanta su. Kina cewa "Ina ofishin yake?" amma ba za ki ce "Ban san ina ofishin yake ba" a rubutu mai kyau, za ki ce "Ban san inda ofishin yake ba." "Wa ya zo?" ta koma "Gaya min wanda ya zo." "Yaushe za su tafi?" ta koma "Na manta lokacin da za su tafi." Mu kalmar tambayar muke sauyawa. Turanci yana barin kalmar yadda take, sai ya sauya jerin abin da ke bayanta. Saboda haka ga ma'aunin da za ki riƙe: fassara jimlar a zuciyarki. Idan Hausarki ta fito da "inda", "wanda", "abin da", "yadda", "lokacin da" ko "dalilin da", kada ki juya komai a Turancin.

Bari mu ɗauki tambaya ɗaya mu bi ta daki-daki. A ce kina tasha kina so ki tambayi lokacin tashin mota. Kai tsaye: *When does the bus leave?* Yanzu kina so ki saka ta cikin *Could you tell me*. Da farko ki bar *when* a wurinsa. Sai ki jawo aikau, wato *the bus*, ya biyo bayansa nan take. Saura *does*. Shi ɗan aro ne, an kawo shi ne kawai don a samu abin da za a juya. Tunda juyi ya ƙare, aikinsa ya ƙare, sai ki cire shi. Amma kafin ya tafi dole ya mayar da abin da ya karɓa. Shi ya ɗauke harafin *s* daga jikin aikatau, don haka *leave* ya koma *leaves*. Sakamako: *Could you tell me when the bus leaves?* A nan ne rabin masu gyara ke tuntuɓe. Sun cire *does* sun manta da *s*, sai ka ga *when the bus leave*. Haka abin yake da *did*: *Why did she cry?* ta koma *I wonder why she cried*, lokacin da ya wuce ya koma jikin aikatau.

Ki lura kuma cewa a *Could you tell me when the bus leaves?* an yi juyi, amma sau ɗaya, a uwar jimla: *could you*. Irin wannan jimlar ba ta ɗaukar juyi biyu. Kuma uwar jimlar ce ke yanke hukuncin alamar da za ta zo a ƙarshe. *Do you know where he lives?* tana ɗaukar alamar tambaya domin *do you know* tambaya ce. *I wonder where he lives.* aya take ɗauka, haka *She asked me where I lived.* Masu duba insha'i suna kama wannan ma, kuma makin da ake zubarwa a nan na banza ne.

Tambayar da amsarta e ko a'a ce ba ta da kalmar tambaya da za a riƙe, sai a sa *if* ko *whether*, daidai inda mu muke sa "ko". *Is he coming?* ta koma *I don't know if he is coming*, wato "ban sani ba ko zai zo". Bayan kalma irin *about* ko *on*, ko kafin *to*, *whether* kaɗai ke shiga: *It depends on whether he comes.*

Yanzu ga abin da nake zargin shi ya ruɗa malamin naku, domin shi ne hujjar da irinsu ke kawowa kullum. Za su ce ai ana cewa *Tell me who broke the window*, kuma ana cewa *I don't know what is wrong*, ga aikatau nan manne da kalmar tambaya, to me ya hana *where is the office*? Amsar ita ce a waɗannan jimlolin ba a taɓa juya komai ba tun farko. A *Who broke the window?* kalmar *who* ita ce aikau da kanta. Ta riga ta zauna a gaba, aikatau na bin ta, jerin zance ne cak, shi ya sa ba a aro *did* ba. Idan kin saka ta cikin wata jimla babu abin da za ki warware. Amma *where* ba ya zama aikau a jimlarki, *the office* ne aikau, kuma dole ya riga *is*. Gwada da amsa in kina shakka. *Who is in the room?* amsarta *Musa is in the room*: Musa ya maye gurbin *who* a gaba, don haka *Tell me who is in the room.* Amma *Who is that man?* amsarta *That man is Musa*: Musa ya faɗo a baya, don haka *Tell me who that man is.* Jimloli biyu masu kama da juna, hukunci daban. Malamin da bai iya raba su ba bai kamata ya karɓi kuɗin iyayen yara da sunan shirya su jarrabawa ba.

Raina yana ɓaci da wannan harka ta lesin da ta zama kasuwa. Mutum ya haddace dokoki goma, ya samo allo da benci, shi ke nan ya zama malamin Turanci. Ga kuma masu bidiyon "koyi Turanci cikin mako biyu" suna ƙara wa wuta fetur. Rashin sani ba laifi ba ne. Laifin shi ne yarinya ta kawo maka gyaran wata malama, maimakon ka buɗe littafin nahawu ka duba, sai girman kai ya sa ka ce naka ne daidai, ka tura ta ɗakin jarrabawa da shi. Ilimin yara amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Ke dai kada ki yi masa rashin kunya. Ki kai masa misalan Musa guda biyun nan cikin ladabi, ki ce ya taimaka ya bayyana miki bambancinsu.

Wataƙila wani ya ce miki ya ji Bature da kunnensa yana cewa *I asked him was he coming*. Ba ƙarya ya yi ba. A Turancin mutanen Ayalan da wasu kare-karen harshen ana jin irin haka a hira. Amma jarrabawarki da daidaitaccen Turanci ake auna ta, a can kuwa kuskure ne.

Akwai tsari guda da ke fitowa a tambayoyin zaɓi wanda ya kamata ki sani. Da aikatau irin *think*, *suppose* da *believe*, kalmar tambayar tana tsallakowa farkon jimla gaba ɗaya: *Where do you think he went?* Ba a cewa *Do you think where he went*, ba a kuma cewa *Where do you think did he go*. Juyin yana kan *do you think*, sauran kuma jerin zance ne, *he went*. Idan an ba ki zaɓi huɗu a irin wannan, fara da soke duk wanda kika ga *did* ko *does* na aro ya sake fitowa gaban aikau bayan *think*, sannan ki duba lokacin aikatau a waɗanda suka rage.