Sai na sayi manhaja kafin in raba rahoton nan ginshiƙi-ginshiƙi a Excel?

"Malam, tsohuwar manhajar albashi ta ofishinmu tana fitar da rahoto a fayil ɗin rubutu zalla, ba waƙafi, sai tazara tsakanin bayanai. Ina so ya shiga Excel. Wani ya ce in sayi manhajar da ke yin haka. In saya?" Daga wata akanta a Zariya.

Hajiya, riƙe kuɗinki, Excel ɗin da ke gabanki ya isa. Aikin kawai shi ne ki gano inda kowane ginshiƙi ya fara da inda ya ƙare. Ga misali:

```
LAMBA      SUNA                 KUDI
---------- -------------------- ------------
0012345678 AUDU MAI SHAYI          85,000.00
0098765432 LADI                 1,250,000.00
```

Kada ki ce za ki raba a duk inda aka bar tazara. Audu zai tsage gida uku, Ladi ta zauna a gida ɗaya, kuɗinsu su faɗa wurare daban. Kanun ma kada ki bi su, domin suna yana jingina hagu, kuɗi kuwa dama, shi ya sa 85,000.00 bai fara a ƙarƙashin KUDI ba.

Layin ɗigo-ɗigon nan shi ne ma'auninki. Ki buɗe fayil ɗin a Notepad, ki ajiye alamar rubutu a farkon kowane jeri, ki karanta lambar Col a ƙasa. A nan lamba tana daga 1 zuwa 10, suna 12 zuwa 31, kuɗi 33 zuwa 44. In rahoton ba shi da wannan layin, sai ki nemi gurbin da babu komai a cikinsa a dukkan layuka, daga sama har ƙasa.

Sai ki zuba layukan a ginshiƙin A, ki shiga Data, Text to Columns, ki zaɓi Fixed width. Excel zai zana iyakoki da kansa, amma hasashe ne, yakan yanka ta tsakiyar suna. Danna sau ɗaya yana sa iyaka, sau biyu yana cire ta. Ki sa naki bayan harafi na 11 da na 32, ki gangara ƙasa ki tabbatar dogon suna bai tsallake ba. A mataki na uku ki mai da ginshiƙin lamba Text, in ba haka ba 0012345678 zai koma 12345678, kuma ba zai gaya miki ba.

Kanun da ke maimaituwa a kowane shafi ki goge su. Sannan ki tara ginshiƙin kuɗin ki gwada da jimillar da ke ƙasan rahoton. In sun saɓa, sau da yawa iyaka ce ta cinye lambar farko ta babban adadi tare da waƙafinta, 1,250,000.00 ya zama 250,000.00.

In wata manhaja za ki kai wa, ki adana a matsayin Text (Tab delimited), tunda kuɗin suna ɗauke da waƙafi a cikinsu.