Shago cike, amma nawa ne naka a ciki?

"Malam, shekarata takwas ina sayar da shinkafa, mai da sukari a Aboabo, nan Kumasi. Shago cike yake, ciniki na tafiya, amma da za a titsiye ni a ce nawa na mallaka, wallahi ban da amsa. Yaya zan yi in san ko gaba nake yi ko baya?"

Alhaji, ka ware yini guda, wanda kasuwa ba ta cika ba, ka rufe shago da wuri, ka sayi littafi sabo. Shafin dama ka rubuta duk abin da yake naka, na hagu ka rubuta duk abin da ake bin ka. Ka cire na hagu daga na dama, abin da ya rage shi ne ƙarfinka. Lissafin kansa ɗan makaranta ma zai yi. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sa wa kowane abu kuɗi, don a nan ne mutum yake yi wa kansa ƙarya ba tare da ya sani ba.

Bari mu ƙaddara shago irin naka mu bi shi tiryan-tiryan. Kuɗin aljihun tebur, na MoMo da na banki sun kama sidi 14,000. Wannan ba gardama. Sai kaya. Buhun shinkafa 80 ne a ɗaki, kuma a ƙirga su da hannu, kada a ce "za su kai". Farashin da za ka sa musu shi ne na sari, wanda za ka biya yau in za ka sake sayowa, don ribar da ba ka sayar ka karɓa ba ba taka ba ce tukuna. In sari sidi 700 ne, shinkafa ta kama 56,000. Mai da sukari da sauran tarkace mu ce 30,000. Katan ɗin tumatirin gwangwani da ya kusa lalacewa, ko buhun da ruwa ya taɓa, ka sa musu abin da mai saye zai bayar gobe da safe, ko da rabin kuɗinsu ne.

Littafin bashi shi ne wurin da na fi so ka daɗe. Mu ce ya nuna kana bin mutane 25,000. Ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Hajiya mai waake da take ɗaukar buhu ranar Litinin ta biya ranar Asabar, kuɗinta kamar yana aljihunka ne. Amma wanda ya ɗauki jarkar mai biyar tun Sallar bara, in ya hango ka a masallaci sai ya sauya ƙofa, wannan ka fitar da shi daga lissafi. Ba yafe masa ka yi ba, ka ci gaba da bin kuɗinka, in ya biya riba ce. Ni ƙa'idata, duk bashin da ya shekara ba a taɓa rage ko sisi ba, ba ya shiga shafin dama. A misalinmu 9,000 sun fita, saura 16,000.

Akwai dukiyar da 'yan kasuwa kan manta suna da ita. Abin da ka tara wurin mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi kullum, mu ce 6,000. Sai kuɗin hayar shago: in ka biya na shekara biyu 24,000, wato dubu ɗaya kowane wata, kuma saura wata tara, to 9,000 naka ne har yanzu a hannun mai gida. Aboboya, babur mai ƙafa uku da kake kai kaya da ita, ko da 30,000 ka saye ta, ka tambayi makanike nawa za ta yi yau. In ya ce 18,000, haka za ka rubuta, ko da ranka bai so ba. Shafin dama gaba ɗaya ya tashi 149,000.

Shafin hagu kuwa ba a yi masa ragi. Dilan da ya ba ka shinkafa bashi yana bin ka 42,000. Ragowar rancen kamfanin ajiya da lamuni 15,000. Kuɗin wuta da albashin yaron shago da ba a biya ba 1,000. Sai amanar da ƙanwarka ta ba ka ajiya, 8,000, wadda ka zuba cikin jari har ka fara ganin ta kamar taka. In kana adashin zagaye kuma ka riga ka kwashe, zubin da ya rage maka shi ma bashi ne, a nan zai zauna. A misalinmu hagu ya kama 66,000. Cire shi daga 149,000, saura 83,000. Ka ga shagon da maƙwabta suke kallo suna cewa Alhaji ya yi kuɗi, kusan rabin abin da ke cikinsa na mutane ne.

Lamba guda ba ta gaya maka gaba ko baya, sai an yi na baɗi an kwatanta. Ka riƙe rana ɗaya kowace shekara da ƙa'ida ɗaya. Da yawa suna haɗa shi da lokacin fitar da zakka, kuma yana da sauƙin tunawa, sai dai lissafin zakka daban yake, aboboyar aiki ba ta shiga cikinsa, wannan ka zauna da malaminka.

To mu ce bara ka samu 72,000, bana 83,000. Ƙarin 11,000, kusan kashi 15 cikin ɗari. Kafin ka yi murna ka mayar da shi buhu. Bara sari 560 ne, ƙarfinka ya kai buhu 128. Bana a kan 700, buhu 118 kawai zai saya. Sidi ya ƙaru, buhu goma sun tafi. Wanda ya yi kasuwa a ƙasar nan a 2022 ya san abin da nake nufi: a Disambar shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari, wato mai 100,000 a farkon shekara sai ya kai kusan 154,000 kafin a ce yana nan inda yake. Shi ya sa a ƙasan kowane shafi nake so ka rubuta farashin buhu na wannan ranar.

In buhu ya ragu, kada ka yi saurin zargin yaron shago. Ka duba abin da ya fita: kuɗin makarantar yara, bikin 'ya, bulo da simintin gini. In shago ya ɗauki nauyin waɗannan duka ya rasa buhu goma kacal, kasuwa na da rai, cirar ce ta fi ƙarfinta. Haka in ɗan'uwa daga waje ya turo maka 20,000 ka zuba a jari, ka rubuta shi a gefe, don in an cire shi, 83,000 ɗin nan 63,000 ce, ƙasa da ta bara.

Fili ko gida, in kana da su, ka ba su shafinsu daban a kan kuɗin da ka saya. Farashin fili a bakin dillalai kullum hawa yake, in ka gwama shi da na shago zai rufe maka ramin da ke cikin jari har shekara uku ba ka lura ba.