Malam ya manta da ni, yaya zan roƙe shi wasiƙar shaida?

"Salamu alaikum Yaya. Na gama digirin kimiyyar ƙananan halittu a 2021, na yi bautar ƙasa, yanzu ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti. Ina neman digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Birtaniya, kuma sun ce sai malamai biyu sun rubuta wasiƙar shaida a kaina. Malamin da ya duba furojet ɗina tun da na bar makaranta ko gaisuwa ban yi masa ba, kunya nake ji. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye kunyar nan. Lakcaran da ke shiga aji mai ɗalibai ɗari biyu ko uku kowace shekara bai zauna yana lissafin wanda ya gaishe shi da Sallah ba. Abin da ke sa malamai su yi shiru shi ne saƙon da zai ƙara musu aiki, irin wanda ɗalibi zai rubuto "Malam, don Allah ina neman taimako", ya tsaya nan. Sai malam ya tambaye ka wane ne kai, wace shekara, wace makaranta, zuwa yaushe. Mai tulin takardun jarrabawa a gabansa ba zai yi waɗannan tambayoyi ba, zai ce sai anjima, shi ke nan an wuce wurin.

Kafin ka rubuta, ka san abin da za a tambaye shi. Yawancin jami'o'in Birtaniya ba sa karɓar wasiƙar daga hannunka. Kai za ka sa sunan malamin da imel ɗinsa a fom, su kuma su tura masa hanyar da zai shiga ya ɗora wasiƙar da kansa. A can sukan tambaye shi tun yaushe ya san ka, a wane matsayi, wani lokaci har da inda ka tsaya cikin 'yan ajinku. Yawan malaman ma ya bambanta: galibi biyu ne, amma Oxford uku take nema a mafi yawan kwasa-kwasanta. Duk amsar da malam zai buƙata, kai za ka ajiye masa ita a cikin saƙonka na farko.

Ga yadda zan rubuta in ni ne kai. Da Turanci za ka tura in da shi kuka saba, tsarin dai ka ɗauka, ka sa bayananka na gaskiya a madadin nawa:

"Salamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya, ya aiki? Ni ne wane, ɗalibinka da ka duba wa furojet a 2021, ga lambata ta makaranta. Aikin a kan ƙwayoyin cuta ne a ruwan rijiyoyi 12 na wata unguwa, kai ne ma ka sa na sake ɗebo ruwan bayan damina ta faɗi don a kwatanta. Ka kuma koyar da ni kwas biyu a aji uku da aji huɗu. Tun bayan bautar ƙasa ina aiki a ɗakin gwajin asibiti. Yanzu ina neman digiri na biyu a lafiyar al'umma a jami'o'i uku a Birtaniya, shi ne nake roƙon ko Malam zai iya rubuta mini wasiƙar shaida. Wasiƙa ɗaya ta isa, suna kawai za a sauya. Kowace jami'a za ta turo wa Malam imel, ta farko tana rufewa ranar 15 ga Janairu. Na haɗo da sakamakona, da takardar tarihin karatuna da aikina, da bayanin da na rubuta musu kan dalilin neman kwas ɗin, da shafin farko na furojet. In lokaci bai ba Malam dama ba, ba komai, sai in nemi wani malamin da wuri. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Maganar rijiyoyin nan ita ce ta fi komai amfani a saƙon. Sunanka da lambarka ba sa tuna wa malami komai, amma abin da ya faru tsakaninku yana tunawa, kuma shi zai ɗauka ya sa a wasiƙar. Masu tantancewa a Birtaniya sun gaji da karanta cewa ɗalibi mai ladabi ne, mai ƙwazo, kowa haka ake rubuta masa. Wasiƙar da ta ce ɗalibin ya koma ya sake ɗebo ruwa da damina, ya gano bambanci, ita ake tsayawa a karanta. Saboda haka ma malamin da ya san aikinka ya fi maka farfesan da bai taɓa ganin rubutunka ba, komai girman muƙaminsa.

Jimlar ƙarshe kuma, wadda ta ba shi ƙofar fita, kada ka cire ta don tsoron zai bi ta. Ka san mutanenmu, babba ba ya son cewa a'a kai tsaye, sai ya ce "to, za mu gani", ka yi ta jira har a rufe. Gara ka ji da wuri. Ka tura saƙon mako huɗu zuwa shida kafin ranar rufewa. In mako guda ya wuce shiru, ka bi da gajeren saƙon WhatsApp ko ka buga waya, domin da yawa daga malamanmu sun fi duba waya a kan imel. In kana gari ɗaya da shi, ka je ofis da ƙafarka.

Kada ka kuskura ka sa sunansa a fom kafin ya amsa. Da ya amsa kuma, ka tambaye shi wane imel za ka sa. Jami'o'i da yawa sun fi son imel na makaranta, mai ƙarewa da `.edu.ng`, wasu in an yi amfani da Gmail sai su nemi wasiƙar ta zo a kan takarda mai tambarin jami'a da sa hannu. Ni nan na taɓa faɗawa. Na sa imel ɗin makaranta na malamina, ashe ya shekara bai buɗe shi ba, lambar sirrin ma ta ɓace masa. Ina ta jin haushi a raina cewa ya ƙi ni, shi kuma bawan Allah yana jira a turo. Saura kwana uku muka gane. Don haka ranar da ka danna tura, ka sanar da shi, ka ce in bai gani ba ya duba `Spam`.

Wataƙila ya ce maka, "Rubuto in sa hannu." Ana yi sosai, amma ba na so maka. Wasiƙar da ka rubuta da hannunka za ta yi kama da bayaninka da ke gaban masu tantancewa, in kuma ka rubuta wa malamai biyu, duka uku za su fito da murya ɗaya. Ka ce masa cikin ladabi za ka turo abubuwa biyar ko shida a taƙaice, kwasa-kwasan da makin da ka samu, abin da furojet ya gano, aikin da kake yi yanzu, shi ya zuba su da kalmominsa.

Malami na biyu, ka duba sharaɗin kwas ɗin tukuna. Tun da ka yi shekaru kana aiki, wasu jami'o'in kan yarda shugabanka na ɗakin gwaji ya zama na biyun, kuma a lafiyar al'umma shaidarsa tana da nauyi. In sun yarda, shi ma irin wannan saƙon za ka tura masa, sai dai ka tuna masa da wani aiki takamaimai da ka yi a ƙarƙashinsa.