Wasiƙar godiya bayan kammala kwangila

Tambaya: Na gama haɗa wa wani Alhaji sola a shagonsa, har ya biya. Me zan rubuta masa a imel don ya sake nemana, ya kuma haɗa ni da wasu?

Amsa: Ɗan'uwa, tura yanzu, tun fitilun suna burge shi. Ka faɗi ainihin aikin, kada ya ga kamar saƙon kowa da kowa ne. Misali: “Ranka ya daɗe, na gode da amanar aikin sola da ka ba ni. Bayan wata 3 zan zo in duba baturan kyauta. Idan wani maƙwabcinka yana bukata, ga lambata.” Alkawarin dubawar nan shi zai maido ka shagon, don haka ka cika shi. Kada ka saka farashin sabon aiki a ciki, zai ɗauka talla ce.