Saƙon amincewa da tsakar dare

“Wayata ta dame ni da saƙon Approve daga Microsoft Authenticator, manhajar da ke neman amincewata kafin a shiga asusuna, har da ƙarfe biyun dare, kuma ba ni nake shiga ba. In danna ko ya daina?”

Kul, kada ka danna. Da alama kalmar sirrinka ta riga ta shiga hannun wani, amincewarka kawai ta rage masa. Yana ta aiko saƙon ne don ka gaji, ko cikin magagin barci yatsa ya kufce. Da wannan dabarar aka kutsa cikin kwamfutocin kamfanin Uber a Satumban 2022, maharin har ta WhatsApp ya tuntuɓi mai asusun, yana iƙirarin shi ma'aikacin kamfanin ne.

Daidaita lamba ta toshe wannan ƙofar. Shafin shiga zai nuna lamba mai alƙaluma biyu, a ce 47, sai ka rubuta ta a wayarka. To lambar a allon ɓarawon take, kai ba ka ganinta, me za ka rubuta? Dannawa cikin kuskure ta ƙare kenan. Microsoft ta wajabta hakan tun Mayun 2023.

Sai dai in ya kira ka ya ce rubuta kaza, ka kuwa rubuta, ya shiga. Yanzu dai ka ƙi amincewa, ka sauya kalmar sirri, ka sanar da sashen kwamfuta na wurin aikinku.