Baffa, me ya sa biyar kullum sama take tafiya?

"Baffa ina wuni. Dan Allah a makaranta an koya mana in za a cike lamba, 45 ta zama 50, 250 ta zama 300. To ai rabi a tsakiya yake, wa ya ce dole sama zai je? Ni fa ina rubuta wa Inna kuɗin awararta da bashin da take bi, kuma in na ciccike sai in ga jimlar ta fi kuɗin da take bi na gaskiya."

Lafiya lau 'yata, ya su Innar taki. Toh gaskiyarki, tsakanin 45 da 40 taku biyar ne, tsakaninta da 50 ma taku biyar, babu wani lissafi a duniya da zai nuna ta fi kusa da ɗaya. Yarjejeniya ce kawai aka yi dan kar kowa ya riƙa yin yadda ya ga dama. Amma ba haka siddan aka zaɓi sama ba.

Ɗauki cikewa zuwa ɗari. Lamba ɗaya tak ake kallo, ta gidan goma. 347, ta gidan goma 4 ce, sai ta sauka 300. 362 kuwa 6 ce, ta hau 400. Yanzu ki duba duk waɗanda ke da 5 a wannan gidan, daga 250 har 259. 251 ta riga ta tsallake tsakiya, ta fi kusa da 300, haka 252, haka har 259, guda tara kenan duk sama suka dace. 250 ce kaɗai ta tsaya cak a tsakiya. To in aka ce ita ta koma ƙasa, kinga duk sanda kika ga 5 sai kin tsaya kin leƙa abin da ke bayanta kafin ki yanke, amma da aka haɗa ta da 'yan uwanta sai doka ta zama ɗaya, 0 zuwa 4 ƙasa, 5 zuwa 9 sama, yaro ɗan aji uku ma zai riƙe.

Kuma ki kiyaye cikewa sau biyu, nan yara suka fi faɗuwa. 449 a mayar da ita 450, sannan a ce ai hamsin ce a kai ta 500. Kuskure ne, 449 nisanta da 400 taku 49, da 500 kuwa 51. Kullum daga lambar asali ake farawa.

Maganar littafin Inna kuwa, idonki ya ga abu na gaske. Dokar nan tana da ɗan rinjaye zuwa sama. Daga 1 zuwa 4 abin da ake zubarwa in kin haɗa 10 ne, daga 5 zuwa 9 abin da ake ƙarawa 15, bambancin biyar ɗin nan daga rabin ya fito. A lambobin da suka zo a gauraye ba ya damun kowa sosai, sai dai kuɗin kasuwarmu yawanci da hamsin yake ƙarewa, saboda haka rabin da ya kamata ya zo jefi-jefi sai ya zama kusan kowane layi. Misali mutum huɗu ana bin su 1,250 da 850 da 2,350 da 1,150. Jimlar gaskiya 5,600. Kin cike kowanne sama, 1,300 da 900 da 2,400 da 1,200, ya zama 5,800. Ɗari biyu ta fito daga inda babu, naira hamsin a kan kowane mutum. In mutum arba'in ne kinga dubu biyu kenan.

Shi ya sa masu ƙididdiga suke da wata hanyar, in an zo rabi cif sai a tafi wajen lambar da take rabuwa biyu ba saura. 1,250 ta koma 1,200 tunda 12 na rabuwa biyu, 850 ta koma 800, amma 2,350 ta hau 2,400, 1,150 ta hau 1,200. Haɗa ki gani, 5,600 daidai. Ba kullum yake faɗawa cif haka ba, amma hawa da sauka suna cinye juna. Ƙa'idar lissafin kwamfuta ta IEEE 754 da aka fitar a 1985 ma wannan ta ɗauka. A jarabawa dai ki bi ta malaminku, biyar sama.

Ni abin da nake so ki yi a littafin nan, kar ki cike kuɗin kowa, ki rubuta shi yadda yake har hamsin ɗin, haƙƙin mutane ne wallahi. Ki haɗa tukuna, in Inna ta tambaya nawa ke waje sai ki cike jimlar sau ɗaya ki ce wajen dubu shida. In kuma ita da kanta ta ce wa mai bashi bar hamsin ɗin, wannan ragi ne ta yi masa, ki rubuta shi daban a gefe dan lissafin ƙarshen sati ya fita.